Muryar da Ta Ƙi Dawowa

"Murya ce kawai ta dishe. Ba zazzaɓi, ba ciwo, ina cin abincina, ina fita kasuwa. To me zai kai ni asibiti?"

Duk wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan ya ji irin wannan magana, wataƙila ma daga bakinsa ta fito. Unguwa ce da ake neman abinci da maƙogwaro. Tun da aka kafa ta a 1916 domin Hausawa fataken goro da shanu, ciniki a cikinta da baki ake yi. Yau ma haka abin yake: ɗan canji yana kiran mai mota a bakin titi, ɗan kamasho yana ƙwala ihu a shataletalen Mokola, malamin allo yana fama da yara tun asuba, ladan yana kiran salla sau biyar, zakiri kuma ya kwana yana jan baiti. A irin wannan wuri dishewar murya ba labari ba ce. Kowa ta taɓa kama shi, kuma kowa ya ga ta tafi don kanta.

Gaskiya ne, mafi yawanta tana tafiya don kanta. Wadda ta ƙi tafiya ita ce abin magana a wannan babi.

Inda murya take fitowa

Sa yatsa a gaban wuyanka, ka haɗiyi yawu. Wannan abu mai tauri da ya yi sama ya dawo shi ne zakaran wuya, kuma shi ne bangon gaba na ɗan ɗakin da ake ƙera murya a cikinsa, a saman bututun iska. A ciki akwai tantani biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne tsawonsa wajen santimita biyu a jikin babban mutum. Idan za ka ja numfashi sai su buɗe iska ta wuce. Idan za ka yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta taso ta kaɗa su. A jikin namiji suna kaɗawa sau ɗari da 'yan kai a daƙiƙa guda, a jikin mace kuwa wajen sau ɗari biyu.

Abin da ke kaɗawa da irin wannan sauri ba ya jure ko ƙanƙanin cikas. Makaɗin kalangu ya san haka: ɗan ƙullutu kaɗan ya manne a fata, amo ya sauya, tun kafin ido ya lura da shi. Haka tantanin murya yake. Kumburi kaɗan, ko ƙurji da bai wuce ƙwayar gero ba, ko ɗaya daga cikin biyun ya daina motsi, nan take sai bakinsu ya kasa haɗuwa daidai, iska ta riƙa zurarewa, murya ta fito a shaƙe.

A nan matsalar take. Duk waɗannan abubuwa, daga mai sauƙi har mai kisa, kusan amo ɗaya suke bayarwa. Likitan da ya shekara talatin yana wannan aiki zai iya yin hasashe idan ya ji muryarka, amma ba zai rantse ba sai ya gani da idonsa.

Me ya sa mako uku?

Dishewar da aka saba da ita daga mura take zuwa, ko daga ihu, ko daga ƙurar hunturu. Tantanin ya kumbura, ya yi ja, murya ta ɗauke kwana biyu ko uku, sannan ta fara dawowa. Cikin mako guda zuwa biyu yawanci an wuce wurin, ko an sha magani ko ba a sha ba. Saboda haka idan aka cika mako uku murya ba ta koma yadda take ba, an ba wa mura duk lokacin da take buƙata har da gyara. Abin da ya rage ba mura ba ce, ko kuma ba mura kaɗai ba.

Ba wai a rana ta ashirin da ɗaya wani abu ke faruwa a wuya ba. Likitocin Birtaniya sun fi riƙe mako uku, ƙungiyar likitocin maƙogwaro ta Amurka kuma a ƙa'idarta ta 2018 ta ce mako huɗu. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da duka biyun suke gudu shi ne wata uku ya zama wata shida, wata shida ya zama shekara.

Mutane da yawa suna auna haɗarin da tsananin dishewar, kuma ma'aunin nan yaudara ne. Wanda muryarsa ta ɗauke ɗif bayan ya kwana a wajen mauludi, har sai da hannu yake magana, sau da yawa ba abin tsoro a tare da shi. Ranar Juma'a za ka ji shi yana ciniki. Wanda ya kamata a damu da shi shi ne dattijon da muryarsa ta ɗan yi kaushi kawai, ba ta hana shi komai, amma tun kafin babbar salla take haka, kuma kullum sai ƙara nauyi take yi. Daɗewa ake dubawa.

Abin da ake iya tararwa

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya haura mako uku sankara gare shi. Mafi yawansu ba ita ba ce. A wajen malamai da masu talla da mawaƙa, abin da aka fi gani shi ne kanta a bakin tantanin, 'yan ƙulluttai biyu suna fuskantar juna, sakamakon goguwa ta yau da gobe. Wannan ba a cika yi masa tiyata ba. Rage ihu, shan ruwa da koyon fitar da murya ba tare da matse wuya ba su ne maganinsa. A wajen wasu kuma ruwan ciki mai tsami ne ke tasowa da dare ya ƙona wurin, musamman mai cin tuwo da yaji da goro ya kwanta nan take. Irin wannan yakan tashi da safe murya a shaƙe, yana ta gyaran murya, zuwa hantsi ta ɗan washe.

Wani lokaci kuma laifin ba a tantanin yake ba sam. Jijiyar da ke motsa shi tana da doguwar hanya, musamman ta hagu, wadda sai ta gangara cikin ƙirji ta zagayo ƙarƙashin babbar jijiyar jini da ke fitowa daga zuciya kafin ta hauro wuya. Ƙari a huhu, ko maƙoƙo mai mugun iri, ko tiyatar cire maƙoƙo, duk suna iya taɓa ta, sai tantani ɗaya ya sandare. Ka ga ke nan murya ta kawo rahoton abin da ke ɓoye a ƙirji. Tarin tibi ma yana hawa maƙogwaro, kuma a ƙasarmu dole likita ya riƙe shi a zuciya, domin a ido yana iya kama da sankara, alhali magani na wata shida yana warkar da shi.

Sannan akwai yara. Yaron da muryarsa ta daɗe a dishe, daga baya numfashinsa ya fara ƙara, sau da yawa akan yi ta ba shi maganin asma ba sauƙi, alhali wasu tsiro ne masu kama da tsartsar nama suka cika masa mashigar iska. Wata ƙwayar cuta ke kawo su, ana kankare su a ɗakin tiyata, kuma sukan sake tsirowa. Shi ma ba a gane shi sai an leƙa.

Amma dalilin da ya sa likitoci ba sa wasa da mako ukun nan shi ne sankara, don haka bari mu tsaya a kanta.

Sankarar da ke sallama kafin ta shiga

Yawancin sankarar cikin jiki a ɓoye suke girma. Ta hanta ko ta ciki kan yi nisa kafin mutum ya ji komai. Wadda ke fitowa a kan tantanin murya ta sha bamban, saboda a wurin da ta zauna ba ta iya ɓuya: tun tana 'yar mitsitsiya take ɓata murya. Ƙari a kan haka, tantanin ba shi da yawan hanyoyin da cuta ke bi ta tsallaka zuwa kaluluwar wuya, don haka takan daɗe a wuri ɗaya kafin ta bazu. Idan aka kama ta a wannan mataki, wajen mutum tara cikin goma suna warkewa, kuma da muryarsu.

Wanda ta fi kamawa namiji ne da ya haura shekara arba'in da biyar ko hamsin, wanda ya daɗe yana shan taba. Giya ma tana kawo ta, idan kuma aka haɗa su biyun haɗarin ninkuwa yake yi. Amma ana samunta jefi-jefi a jikin wanda bai taɓa kunna sigari ba, don haka rashin shan taba ba ya ɗauke wa mutum zuwa a duba shi.

Abin takaicin shi ne, likitocin maƙogwaro a Najeriya sun daɗe suna rubuta abu ɗaya: yawancin masu wannan cuta ba dishewar murya ke kawo su asibiti ba, shaƙewar numfashi ce. Sukan iso bayan watanni da yawa, wani ma fiye da shekara, ƙarin ya toshe hanyar iska, sai an huda wuya cikin gaggawa an sa bututu kafin a yi maganar komai.

Mu bi mutum ɗaya

Mu ƙaddara wani mai suya a Sabo, ɗan shekara hamsin da takwas. Ya kusa shekara talatin yana shan sigari, kodayake 'ya'yansa sun ɗauka ya bari. A watan Disamba mura ta kama shi, murya ta dishe. Murar ta tafi cikin kwana goma, muryar ta tsaya.

Ya fara da abin da kowa ke farawa da shi: zuma da lemon tsami, shayin citta da kanumfari, alewar tomtom a aljihu. Waɗannan ba laifi, suna sanyaya maƙoshi, amma ko ɗigo ɗaya ba ya taɓa tantanin murya, domin abin da aka haɗiye ta bututun abinci yake bi. Da ya bi ta bututun iska, da ƙwarewa za a yi. Mako na uku ya je kemis aka haɗa masa kafso na kwana biyar. Mako na biyar aka ƙara wani. Wani aboki ya ce hayaƙin tukuba ne, wanda zai iya zama gaskiya, domin hayaƙi yana fusata wurin. Wani ya ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. A nan ya kamata a tsaya a faɗi magana ɗaya a fili: beli yana rataye ne can sama a ƙarshen ganɗa, tantanin murya kuwa yana ƙasa da shi da nisa, inda aska ba ta kaiwa kuma ido ba ya gani ta buɗe baki kawai. Yanke beli ba ya gyara dishewar da ta samo asali daga tantanin. Abin da yake ƙarawa shi ne zubar jini, da rauni, da wani wata guda na jiran "a ga yadda za ta yi".

A mako na bakwai babban ɗansa ya matsa. Daga shataletalen Mokola, titin Queen Elizabeth ya miƙe har ƙofar asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957. Tafiyar 'yan mintoci ce a tasi. Sashen da ake nema shi ne na kunne, hanci da maƙogwaro, wanda a allo za ka ga an rubuta ENT. Yawanci sai an fara ganin likitan kowa da kowa ya rubuta takardar turawa. A wannan matakin ne ya kamata ɗan ya buɗe baki ya faɗi abu biyu: mako bakwai ke nan, kuma an sha magani sau biyu ba canji. Idan dattijon Hausa kaɗai yake ji sosai, a tafi da wanda zai yi tafinta, domin rabin aikin a tambayoyi yake.

Likita zai tambayi yaushe ta fara, tana zuwa tana tafiya ne ko kullum tana nan, akwai wahalar haɗiya, akwai tari, akwai jini a majina, ya rame, kunne yana ciwo. Sannan ya zo kan taba. Dattijon ya dubi ɗansa.

"Ɗan ba mu wuri," in ji shi. Da yaron ya fita sai ya ce, "Likita, gaskiya ina sha. Rabin kwali a rana."

"Baba, ka kyauta da ka faɗa. Wannan ya canja inda zan sa ido."

Kunya abu ce mai kyau, amma a wannan ɗaki tana da tsada. Wanda ba zai iya faɗa a gaban ɗansa ba, ya sallami ɗan.

Yadda ake leƙawa

Hanya mafi tsufa madubi ce. Wani malamin koyar da waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, shi ne ya shahara da ganin tantanin muryarsa yana motsi a 1854, da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana. Har yau ana amfani da dabarar: a kama harshe da ƙyalle, a ɗuma ɗan madubi mai doguwar mariƙa don kada ya yi gumi, a kai shi ƙarshen baki, a ce ka ce "iii". Ga wanda ba ya yunƙurin amai da wuri, wannan ya isa a ga abu da yawa.

Inda ake da kayan aiki kuwa, wani siririn bututu mai lanƙwasa ake amfani da shi, kaurinsa milimita uku zuwa huɗu, da fitila da kyamara a bakinsa. A fesa maganin kashe zafi a hanci, mai ɗaci, a jira kaɗan, sannan a zura bututun ta hanci ya gangara ya tsaya a saman tantanin. Mutum yana zaune a kujera, idonsa biyu, yana numfashi yana magana. Ba a yanka komai. Yakan sa hawaye da jin kamar atishawa, amma cikin 'yan mintoci an gama. Abin kiyayewa kawai shi ne kada a ci ko a sha sai maganin ya saki maƙogwaro, wajen rabin awa zuwa awa ɗaya, don gudun ƙwarewa.

Abu uku likita yake nema: kamannin fatar wurin, ko akwai tsiro, da ko tantanin biyu suna buɗewa suna rufewa daidai. A wajen dattijonmu, na hagu fari ne sumul yadda ya kamata. A tsakiyar na dama akwai wani abu mai kaushi, fari-fari, bai fi rabin santimita ba. Duka biyun suna motsi, kuma da likita ya shafa wuya bai ji kaluluwa ba. Motsin nan albishir ne, domin yana nuna abin bai nutsa cikin tsoka ba tukuna.

Har yanzu ba a ce sankara ba ce. Ido yana ganin tsiro, amma ba ya faɗin irinsa. Za a ɗauki hoton ƙirji, a gwada majina don tibi, sannan a sa ranar da za a sa shi barci a ɗakin tiyata, a zura bututun ƙarfe ta baki, a tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. A nan mutane da yawa suke gudu, saboda maganar da ake yaɗawa cewa idan ƙarfe ya taɓa sankara sai ta haukace. Tsinkar naman ba ta yaɗa cutar. Abin da ke sa a ga kamar haka shi ne yawancin waɗanda aka yi wa sun riga sun makara, sai a ɗora wa ƙarfe laifin watannin da aka ɓata a gida.

Sakamako ya fito: sankara ce, matakin farko. Magani ɗaya ne cikin biyu. Ko a kankare ta ta baki da na'urar leza inda ake da ita, ko a gasa wurin da haske na musamman, Litinin zuwa Juma'a, tsawon mako huɗu zuwa bakwai, kowane zama 'yan mintoci. Gashin yana sa maƙoshi ya yi zafi, fatar wuya ta yi duhu, murya ma ta ƙara dishewa kafin ta gyaru. Na'urorinsa ba su da yawa a Najeriya, layi yana da tsawo, kuɗin ma ba kaɗan ba ne. Wannan ma wani dalili ne na zuwa da wuri, domin wanda ya zo da sauran lokaci a hannunsa shi ke iya jure jira da haɗa kuɗi. Bayan an gama, za a riƙa leƙawa kowane wata ɗaya ko biyu a shekarar farko, a riƙa tsawaita tazarar har shekara biyar. Sigari kuwa an rabu ke nan, domin ci gaba da shanta yana rage amfanin gashin kuma yana kiran wata sabuwa.

Da a ce ya ƙara shekara guda yana shan zuma fa? Ƙarin zai ci cikin tsoka, tantanin ya sandare, ya tsallaka ɗaya gefen, kaluluwa ta fito a wuya. A lokacin, sau da yawa abin da ya rage shi ne a cire ɗakin muryar gaba ɗaya, a bar masa huda ta dindindin a gindin wuya wadda ta nan zai riƙa numfashi. Ana rayuwa da haka, ana ma koyon wata irin magana, amma muryar da ya saba kiran masu saye da ita ba za ta dawo ba, kuma damar warkewa ta ragu ƙwarai.

Waɗanda ba za su jira mako uku ba

Ƙa'idar mako uku ta mai dishewa ce kawai, ba wani abu tare da ita. Idan numfashi ya fara ƙara kamar fito lokacin jan iska, ko mutum ya kasa kwanciya saboda shaƙewa, wannan na yau ne, ko da tsakar dare, sashen gaggawa kai tsaye. Haka kuma ba a jira idan ana tofar da jini, ko abinci yana tsayawa, ko ruwa yana ƙware mutum duk lokacin da ya sha, ko yana ramewa ba dalili. Akwai wata alama da ke ruɗar mutane: ciwon kunne ɗaya da ya ƙi ji, alhali an duba kunnen lafiya lau. Jijiya ɗaya ce ke kai saƙo daga maƙogwaro da wani sashe na kunne, shi ya sa ciwon wuri ɗaya kan bayyana a ɗayan. Wanda muryarsa ta canja bayan tiyatar wuya ko ta ƙirji, shi ma ya koma wa likitansa ba tare da ƙirga kwanaki ba.

Alama ta ƙarshe ita ce ƙullutu a gefen wuya, mai tauri, marar zafi, wanda ya ƙi sacewa. Shi wannan ba koyaushe yake zuwa tare da dishewar murya ba. Wani lokaci shi kaɗai yake fitowa, musamman idan cutar ta fara a saman tantanin inda ba ta taɓa murya da wuri. Yadda ake bambanta kaluluwar ciwon haƙori da ta tibi da ta sankara, da inda maƙoƙo ya shigo cikin lissafin, shi za mu ɗauka a babi na gaba.